Danna maɓallin amincewa ko cire sanarwar kukis daga shafi?

Ana yawan tambayata yadda ya kamata a yi da sanarwar neman amincewa da kukis idan ta rufe shafi yayin gwaji mai sarrafa kansa, har Selenium, manhajar da ke sarrafa burauza a gwajin, ya fitar da kuskuren `ElementClickInterceptedException`.

Hanya ta farko ita ce a danna maɓallin amincewa kamar yadda mutum zai yi. Tana cin ɗan lokaci, domin dole a jira maɓallin ya bayyana, kuma idan sanarwar tana cikin `iframe` sai an shiga cikinsa tukuna. Sai dai shafin da kansa zai ajiye kukin amincewa, ya saki duk abin da ya kulle.

Hanya ta biyu ita ce a cire sanarwar da umarnin `remove()` na JavaScript. Tana da sauri, amma a nan ne na fi ganin ɓarna: sanarwar ta ɓace, alhali `overflow: hidden` yana nan a kan `body`, shafin ya ƙi gungurawa, bidiyon da ke jiran amincewa ya ƙi buɗewa. Tun da ba a ajiye kuki ba, za ta sake fitowa a shafi na gaba.

Mai gwada saye ko rajista, danna maɓallin ya fi dacewa da shi. Mai ɗaukar hoton shafi guda kuwa, cirewa ta wadatar, muddin ya mayar da `overflow` yadda yake kafin sanarwar ta fito.