Kafin ka zaɓi layin saƙonni, duba yadda yake ɓoye saƙo

A ce wata makaranta a Gombe ta ba ka aikin manhajar da za ta haɗa sakamakon jarrabawar ɗalibai, ta tura wa iyaye a waya. Kowane ɗalibi saƙo ɗaya ne a layi, wato wurin da ayyuka ke jira har a zo a ɗauke su. Idan ma'aikaci, wato shirin da ke ɗaukar saƙo ya yi aiki a kansa, ya ɗauki guda, layin ba ya goge shi. Ɓoye shi yake yi na ɗan lokaci don kada wani ma'aikacin ya gani. Ma'aikaci ya gama, ya ce a goge. In kuwa wa'adin ya cika bai ce komai ba, layin zai ɗauka ya mutu, ya sake fito da saƙon.

A Amazon SQS, layin saƙonni na kamfanin Amazon, sunan wannan wa'adi `VisibilityTimeout`, kuma daƙiƙa 30 ne idan ba ka taɓa shi ba. To, haɗa sakamakon ɗalibi guda yana cin daƙiƙa 45. A daƙiƙa ta 30 saƙon ya sake bayyana, ma'aikaci na biyu ya ɗauka, uba ya samu sakamakon ɗansa sau biyu, makaranta ta biya kuɗin saƙon waya biyu. Alamar ita ce `ApproximateReceiveCount`, wato ƙidayar sau nawa aka ɗauki saƙon, ya wuce 1 alhali babu kuskuren da aka rubuta. SQS zai bar ka ka ɗaga wa'adin har awa 12, amma kar ka yi garaje: in ka sa awa guda, wuta ta ɗauke wa ma'aikaci yana tsakiyar aiki, saƙon zai zauna a ɓoye har awar ta cika. Gara ka sa minti biyu, ma'aikaci ya riƙa ƙara lokaci da `ChangeMessageVisibility` muddin yana raye.

Google Pub/Sub ya fi matsi, daƙiƙa 10 da farko, iyakarsa 600. Sai dai kayan haɗin da Google ke bayarwa suna ƙara wa'adin da kansu, wanda ya rage maka wahala sosai.

RabbitMQ kuwa, wani layin saƙonnin, hanyarsa daban ce. Saƙo yana hannun ma'aikaci har ya aiko da `ack`, wato alamar ya gama; in haɗinsa ya yanke kafin nan, saƙon ya koma layi. Akwai `consumer_timeout` na minti 30 don wanda ya riƙe saƙo ya yi shiru. Amma inda intanet ke yawan katsewa, kowace katsewa tana mayar da saƙon da ake cikin aikinsa.

Ni dai ga aikin makarantar nan SQS zan ɗauka, domin ɗan yankewar intanet ba ya ƙwace saƙo daga hannun ma'aikaci sai wa'adi ya cika. Duk da haka kowanne cikin ukun zai iya maimaita saƙo, saboda haka ka ajiye lambar ɗalibi da zangon karatu a rumbun bayanai, ma'aikaci ya duba ko an riga an tura kafin ya tura.