Kwas ɗin tarihin rumbun bayanai: darasi na huɗu ya burge ni, mai duba amsa ya ɓata min rai

Na shekara shida ina rubuta SQL, yaren yi wa rumbun bayanai tambaya, a wurin aiki ban taɓa tambayar kaina me ya sa komai yake cikin tebur ba. Wannan kwas na intanet ne ya sa na yi tambayar, kuma darasinsa na huɗu kaɗai ya isa a ce kuɗina bai tafi a banza ba.

Malamin ya ba mu dillalai uku da kayan da suke kawowa, ya ce mu jera su a tsarin bishiya irin na IMS, rumbun bayanan da IBM ta fara ginawa a 1966 don lissafin sassan kumbon Apollo. Kowane dillali ya zama uwa, kayansa 'ya'ya a ƙarƙashinsa. Tambayar farko ita ce me dillali na biyu yake kawowa. Nan take na samu, domin hanyar a shimfiɗe take. Sai ya juya tambayar: su waye suke kawo noti mai lamba 17? Dole na shiga ƙarƙashin kowane dillali ina lalube. Abin da ya fi damuna, notin ya fito sau uku, tunda ɗa ba ya da uwa biyu a bishiya. Na gyara nauyinsa a wuri ɗaya na manta sauran, sai ga noti guda da nauyi iri biyu.

Daga nan muka koma tsarin raga, wanda Charles Bachman ya faro a General Electric, kwamitin CODASYL kuma ya fitar da ƙa'idarsa a 1971. A nan an rubuta notin sau ɗaya, an ɗaure shi da dillalansa da manuni, wato igiyar da ke nuna inda bayani na gaba yake. Maimaici ya kau, amma ni zan bi igiyar da kaina: `FIND FIRST`, sai `FIND NEXT`, har in kai ƙarshen sarƙar. Da malamin ya canza yadda aka ɗaure bayanan, shirina ya tsaya cik, alhali tambayar ba ta canza ba. A nan na gane abin da Edgar Codd, masanin kwamfuta a IBM, yake kuka da shi a 1970: shirin da ya haddace hanya yana mutuwa ranar da aka taɓa hanyar. Shi ya ce a zuba komai a tebur, lambobin da ke ciki su haɗa su, kai ka faɗi abin da kake so kawai:

```sql
SELECT d.suna FROM dillali d
JOIN kawowa k ON k.dillali = d.lamba
WHERE k.kaya = 17;
```

Na ji daɗi da malamin bai ɓoye cewa da farko tebur ya fi nauyin gudu ba. Sai da System R na IBM da Ingres na Berkeley suka nuna injin zai iya zaɓar hanya da kansa, sannan Oracle ya shiga kasuwa a 1979, DB2 a 1983, aka kuma daidaita SQL a 1986. Kwamfuta tana ta araha, lokacin mai rubuta shiri yana ta tsada, to wa zai ci gaba da biyan mutum ya sake rubuta shiri duk sanda aka zo da sabuwar tambaya?

To, ga inda raina ya ɓaci. Wannan amsar da ke sama ita na tura a jarrabawar mako, na'urar duba amsa ta ba ni sifili. Sunaye ukun duk daidai suke, jerinsu ne kawai ya bambanta da na malamin. Tambayar ba ta nemi jeri ba, babu `ORDER BY` a ko'ina, kuma shi da bakinsa ya koya mana cewa layukan tebur ba su da na gaba ba su da na baya. Na rubuta wa masu kwas ɗin sau biyu. Bayan kwana tara aka ce in sake kallon bidiyon. Wallahi na ji zafin wannan amsa, domin bidiyon ne hujjata.

Tun daga nan sauran kurakuran suka fara tsone min ido. Malamin yana maganar IMS kamar abin da aka binne, alhali har yau akwai bankunan da ke aiki da shi. Bai kuma ambaci cewa IMS ya samu hanyoyin haɗa bishiya da bishiya ba, don haka an nuna shi da rauni fiye da yadda yake. Muhawarar Codd da Bachman ta 1974 kuwa, wadda na fi ɗokin ji, ko minti biyu ba ta samu ba.

Da na yi niyyar ba su tauraro biyar. Uku zan bayar, kuma har yanzu sifilin nan yana kan sakamakona ba a gyara ba.