Gargaɗi ga masu dogayen benaye: ku yi hattara da masu fankar hayaƙi ta bogi

'Yan'uwa masu dogayen benaye, da ku da aka ba amanar kula da su, akwai wata damfara da nake so ku sani kafin ta ci rayuka. Wasu 'yan kwangila suna karɓar kuɗin aikin kare matakala daga hayaƙin gobara, su kafa fanka irin ta ɗakin girki, su liƙa mata tambari, mai gini ya sa hannu a takarda yana ganin ya gama da wannan babin. Aikina ne duba irin waɗannan kayan, kuma abin da na tarar a wani bene mai hawa tara a Abuja shi ya hana ni yin shiru.

A dogon gini hayaƙi yana riga wuta isa ga mutane. A gobarar otel ɗin MGM Grand da ke Las Vegas a Nuwamba 1980, wutar a ƙasa ta tashi, amma yawancin mutum 85 da suka rasu a benayen sama aka same su, hayaƙin da ya bi matakala da ramin lifta ne ya kashe su. Shi ya sa ake sa fanka ta riƙa tura iska mai tsabta cikin matakala da zarar ƙararrawar gobara ta buga. Idan matsin iskar matakala ya ɗara na baranda, iska ce za ta riƙa fita ta ƙofa, hayaƙi ba zai samu shiga ba.

Ga yadda aka yaudari mai ginin. Ranar miƙa aiki ɗan kwangilar ya rufe ƙofofin matakala duka, ya kunna fanka, ya kara takarda a ƙasan ƙofa, takarda ta hau kaɗawa. Ya ce, "Alhaji, ka ga ƙarfin iska? Tura ƙofar ma ka ji." Alhaji ya tura ya ji ta yi nauyi, ya yi murna, ya biya cikon kuɗi. Nauyin nan da ya faranta masa rai shi ne aibi na farko.

Na zura siririn tiyon ma'aunin matsin iska ta ƙarƙashin ƙofar hawa na tara, ya nuna faskal 100 da ɗoriya. Ƙa'idar Turai da aka rubuta a takardar kwangilar, EN 12101-6 bugun shekarar 2005, faskal 50 take nema idan ƙofofi suna rufe, kuma kada buɗe ƙofa ya bukaci ƙarfin da ya wuce na ɗaga kilo 10. Lissafin ba wuya. Ƙofa mai faɗin mita 0.9 da tsayin mita 2.1, idan iska ta danne ta da faskal 50, kamar an jingina mata kilo tara da rabi ne. Wajen rabin wannan nauyin ne ke zuwa hannun mai buɗewa, sai a ƙara kilo uku ko huɗu na ƙarfen da ke mayar da ƙofa ta rufe da kanta. Da kyar ake tsayawa a ƙasa da kilo 10. To a ninka matsin. Na maƙala sikeli mai ƙugiya, irin na mahauta, a mariƙin ƙofar na ja, sai da ya haura kilo 13 kafin ta motsa. Tsohuwa ko yaro ɗan shekara takwas, ga duhu ga tari, ba za su iya buɗe ta ba. Tsari na gaskiya yana da marfin da ke sakin rarar iska da kansa, ko na'urar da ke rage gudun fanka idan matsi ya yi yawa. A ginin nan babu ko ɗaya.

Daga nan na sa yaro ya buɗe ƙofar fita ta ƙasa, ya kuma buɗe ta hawa na uku, kamar yadda masu gudu za su yi. Nan take ma'auni ya faɗo ƙasa da faskal 10. Wannan shi ne gwajin da macuci ba ya yarda a yi a gabanka. Idan ƙofa tana buɗe, abin da ke tare hayaƙi shi ne gudun iskar da ke ratsa ta, kuma ƙa'idar tana neman aƙalla mita 0.75 a daƙiƙa domin masu tserewa, mita 2 idan matakalar 'yan kwana-kwana ce. Ƙofa ɗaya irin wadda na ambata tana cin iska sama da mita kubik 5,000 a awa kafin ta kai 0.75 ɗin. Da muka hau rufin muka karanta farantin jikin fankar, 4,000 aka rubuta. Ko ƙofa ɗaya ba za ta iya ciyarwa ba, kuma ta huda guda take hurawa daga sama, alhali dogon matakala ana raba masa bakunan iska ne kusan kowane hawa uku. Babu kuma hanyar da aka bar wa iskar ta fice daga barandar kowane hawa zuwa waje, ba tare da ita ba kuwa matsin ɓangarorin biyu yakan daidaita, iska ta tsaya cik a bakin ƙofa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali fankar zuƙe hayaƙi ce ta wurin ajiye motoci a ƙarƙashin ƙasa. An rubuta F400 a jikinta, ma'ana an gwada ta ta yi minti 120 tana aiki cikin zafin digiri 400. Na sa farce a gefen rubutun, ya ɓanɓaro, ashe sitika ce. Fuka-fukanta na roba ne, wayarta irin wadda ake ja wa soket ce. Takardar shaidar da ya bayar hoto ne da aka kwafa, kuma lambar samfurin da ke cikinta ba ita ce ta jikin fankar ba. Fankar matakala iska mai sanyi take turawa, amma ta zuƙe hayaƙi a cikin zafin take zaune, don haka a nan ake cin kuɗi mai yawa, domin ta gaskiya tana da tsada kuma ido ba ya bambance su daga nesa.

Sai wutar lantarki. Duka fankokin daga babban allon ginin suke shan wuta, ba su da layin kansu, kuma ba sa tashi da ƙararrawa sai wani ya je ya danna. Kowa ya san abin da maigadi ke fara yi idan an ce gobara: ya ruga ya kashe babban makunni. Da ya yi haka komai ya mutu.

Don Allah kada ku biya cikon kuɗi sai an yi gwaji a gabanku da ma'auni, kuma a samo injiniyan da ba ɗan kwangilar ne ya kawo shi ba. A busa hayaƙin gwaji a na'urar shinshinar hayaƙi ku ga fanka ta tashi ba wanda ya taɓa ta. A kashe wutar gari ku ga janareto ya ɗauke ta. A auna kowane hawa, ƙofofi a rufe sannan a buɗe, a rubuta adadin a takarda. Ku ɗauki lambar jikin fanka ku tura wa kamfanin da ya ƙera ta ya tabbatar muku. Wanda ya ce muku "ai Injiniya ya riga ya duba", ko ya kawo farashin da bai kai rabin na sauran ba, ku tambaye shi takardar lissafin iskarsa: ƙofa nawa ya ɗauka za su kasance a buɗe? Ɗan kwangilar benen nan da aka yi masa wannan tambayar ya ce zai kawo takardar washegari, har yau wayarsa a kashe take.

Alhaji ya sa an cire fankokin, ana sabon lissafi, kuma ya dakatar da ba da hayar hawa huɗu na sama har sai an gama. Idan kuna zaune ko kuna aiki a dogon bene, ku tambayi mai kula da shi ranar da aka yi gwajin ƙarshe, ku ce a nuna muku takardar.