Tashar da aka rufe, da wadda aka dakatar, da wadda ta yi shiru kawai

"Wata tashar YouTube da nake bi ta yi wata biyar ba ta saka sabon bidiyo ba. Rufe ta aka yi, ko dakatar da ita, ko kuwa mai ita ne ya bari?"

Kafin komai, ka nemo adireshin wani tsohon bidiyon tashar a tarihin kallonka ka buɗe shi. Idan rufe ta aka yi, bidiyon ba zai buɗu ba, sai dai ka tarar da wannan rubutu: "This video is no longer available because the YouTube account associated with this video has been terminated." Shafin tashar ma yakan koma fayau, babu bidiyo ko ɗaya, sai sanarwar cewa an rufe ta saboda karya ƙa'idoji ko saboda ƙorafin haƙƙin mallaka.

Dakatarwa kuwa ba ta cika barin wata alama da mai kallo zai gani ba, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗewa. Tsofaffin bidiyoyi suna nan ana kallonsu, ban da wanda aka cire saboda laifin. Abin da aka hana mai tashar shi ne saka sabon abu, kuma shi kaɗai ake sanar wa, ta imel da kuma cikin YouTube Studio, wato shafin da masu tasha suke sarrafa tashoshinsu. Laifin farko yawanci gargaɗi ne kawai. Bayansa, hukuncin farko yana hana saka bidiyo na mako ɗaya, na biyu a cikin kwana 90 yana hanawa na mako biyu, na uku a cikin wannan wa'adi kuma shi ne ke kai ga rufewa. Sai dai babban laifi guda ɗaya yana iya jawo rufewa nan take, ba tare da an bi waɗannan matakai ba.

Wannan lissafi shi ne zai warware maka matsalarka. Tun da irin wannan dakatarwa ba ta wuce mako biyu, ba za ta iya zama dalilin shirun wata biyar ba. Saboda haka idan tsofaffin bidiyoyin suna buɗuwa, a ganina tashar tana nan da ranta, mai ita ne ya daina aiki, ko don uzuri, ko don ya rasa hanyar shiga asusunsa. Shirun da ya kai wata shida yana iya sa a janye masa damar samun kuɗin talla, amma wannan bai shafi bidiyoyin ba.

Ina roƙonka kada ka yi saurin yaɗa cewa an hukunta mutum don kawai ka ga tasharsa ta ɓace, domin mai tasha yana iya ɓoye ta ko ya goge ta da kansa. A irin wannan hali ma bidiyoyin ba za su buɗu ba, amma ba za ka ga kalmar "terminated" a cikin sanarwar ba.