Dekin na holo ko dekin na kankare zalla, wanne za ka zuba a benenka?

Tambayar da ya kamata ka fara yi kafin ma ka je kasuwar rodi ita ce: mita nawa ne tsakanin bango da bango, ko tsakanin bim da bim, a ɗakin da ya fi kowanne faɗi a gidan? Don gaskiya wannan tazarar ita ke yanke hukunci, ba wai abin da maƙwabcinka ya yi ba, ba kuma abin da mai sayar da bulon holo, wato bulo mai rami da ake jerawa a cikin dekin, ya gaya maka ba, shi dai kayansa yake so ya sayar.

Kankare mai rodi nauyinsa kusan kilo 2,400 ne a kowace kyubik mita. To dekin da muka saba zubawa na inci 6, wato santimita 15, kowace sukwaya mita tana da kilo 360 tun kafin a sa tayil ko a ɗora gado. Wannan kaurin yana aiki lafiya lau a ɗakunan kwana irin namu masu ƙafa 12 ko 14, wato wajen mita 3.6 zuwa 4 da ɗan wani abu, musamman idan ɗakin kusan murabba'i ne ana saƙa rodi ta ɓangarori biyu nauyin na rabuwa kan bango huɗu. A irin wannan ɗakin ni ban ga dalilin wahalar da kai da holo ba sam. Idan ka yi na holo mai bulon santimita 15 da kankaren santimita 5 a sama, nauyin zai sauko ne zuwa kilo 310 ko 320, ragin bai taka kara ya karya ba, ga kuɗin bulon ga na ɗauko shi ga waɗanda za su fashe a mota.

Matsalar tana farawa ne in tazara ta wuce mita 5. Dekin zalla in ya yi tsawo dole a ƙara masa kauri don kar ya lotsa a tsakiya, kuma duk kaurin da ka ƙara nauyi ka ƙara, nauyin nan kuma shi kansa dekin ne zai ɗauke shi, sai ka ga yawancin rodin da ka saya aikinsa riƙe kankaren ne kawai. Kuma kankaren da ke ƙasan dekin a tsakiyar ɗaki ba wani ƙarfi yake bayarwa ba, don can ja ake yi kuma kankare ba ya jure ja, rodi ne ke wannan aikin. Shi ya sa aka ƙirƙiro na holo: a cire wannan kankaren a cike gurbin da bulo mai rami, a bar siraran bim da ake kira rib a jere tsakanin layukan bulon da rodi a cikinsu, sannan a zuba santimita 5 a sama da ragar waya.

Mu ɗauki misali, zaure ko masallacin unguwa mai faɗin mita 6 da tsawon 14, mai shi ya ce ba ya son fila a tsakiya kuma ba ya son ganin bim na leƙowa ta ƙasa. Sukwaya mita 84 ke nan. Tunda tsawon ya ninka faɗin har ya wuce, nauyin ta gajeren ɓangaren kawai zai bi. Dekin zalla a nan zai kai wajen santimita 25, wato kilo 600 a sukwaya mita, kankare kyubik 21, nauyi tan 50 da ɗoriya. Na holo kuwa, a ce bulo mai tsayin santimita 25 da faɗin 40, rib mai faɗin 12.5, sama 5, kaurin duka ya zama 30. Lura fa, ya fi na zallan kauri amma ya fi shi sauƙin nauyi. Kankarensa kusan kyubik 0.11 ne a sukwaya mita, kilo 265, sai bulo kamar 10, idan kowanne kilo 16 ne to jimilla wajen kilo 420. Duka zauren tan 35 zuwa 37. An rage kusan tan 14 daga kan filoli da fandisho, kuma in bene mai hawa uku ne sai ka ninka.

Ta fannin aljihu kuma lissafin ba wuya. A kwaɓin 1:2:4, wato siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4, kyubik ɗaya na cin buhun siminti 6 zuwa 7, to na zalla zai ci wajen buhu 135, na holo da kyubik 10 ko 11, in an haɗa da wuraren da ake bari zalla kusa da bango, zai ci kamar 70. Amma za ka sayi bulo kusan 800. Sai ka tambayi farashin yau a garinku, ka ɗora buhu 65 da yashinsu da tsakuwarsu a gefe ɗaya, bulo 800 da kuɗin mota da na masu jerawa a ɗaya gefen. In bulon daga wani gari mai nisa za a kawo shi to ribar tana iya narkewa a hanya. Kuma ka nemi a auna maka bulo ɗaya a sikeli, don na jan laka ya fi na siminti sauƙin nauyi, na farin soso kuwa kusan ba shi da nauyi ma, da shi dekin zai tsaya wajen kilo 270. Akwai hanya ta uku da mutane ke mantawa, idan ba ka damu da ganin bim ba a jefa bim duk bayan mita 3.5 ko 4 a zuba inci 6 a kai, sau da yawa wannan ne mafi arha.

Abin da ke damuna da holo shi ne ba ya yafe ganganci. Rib ɗin siriri ne, in tsakuwar ta yi manya ko ba a sa baibireta ba, wato injin girgiza kankare, kankaren ba zai sauka ya rungumi rodin ba, ranar da aka cire katako sai ka ga ramuka-ramuka rodi a waje, wasu magina kuma su yi maza su shafe da filasta kafin mai gida ya iso. Don Allah ka kasance a wurin ranar cire katakon. Dole a jiƙa bulon kafin kastin don kar ya shanye ruwan kankaren, a toshe bakin na ƙarshen layi don kar kankare ya kwarara ciki, sannan kusa da bim ko bango a ja bulon baya a bar wurin zalla, nan ne rib ke tsagewa a karkace in an yi rowa. A tazarar mita 6 kuma ana sa rib ɗaya na gicciye a tsakiya ya ɗaure sauran.

Sai batun abin da za a ɗora a kai. Dekin zalla yana raba nauyi ko'ina, na holo kuwa saman bulon santimita 5 ne kacal. Tankin ruwa na lita 2,000 tan 2 ne a ɗan ƙaramin wuri, ba a ajiye shi inda aka ga dama. Bangon da za a raba ɗakunan sama da shi ma sai an san layinsa tun a zane a haɗa rib biyu ko a ɓoye bim a ƙarƙashinsa. Banɗaki, kan matakala da barandar da ta zarce waje, waɗannan a bar su zalla ko da sauran ginin holo ne, saboda mai famfo in ya zo fasa hanyar bututu ba ruwansa, yana iya datse rib. Ƙugiyar fanka ma a dasa ta cikin rib tun kafin a zuba.

Ɗaya fa'idar da ba zan ƙi faɗa ba, iskar da ke cikin ramin bulon tana rage zafin da ke ratsowa, wanda ya kwana ƙarƙashin dekin ƙarshe a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ya san darajar wannan.

Lambobin nan na kwatance ne don ka iya zama da injiniya ku yi magana ka gane me yake cewa, girman rodi da yawansa a kowane rib sai injiniyan gini mai rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya, ya lissafa ya sa hannu. Ko wanne ka zaɓa a riƙa ba shi ruwa aƙalla mako guda, kuma a tazarar mita 6 kar ka bari kafinta ya zare gorar tokare kafin kwana 21 don yana sauri ya kai katakonsa wani aikin.