Ping da traceroute: wanne ke nuna inda intanet ya katse?

Ping da traceroute umarni ne da ake rubuta wa kwamfuta don gwada hanyar intanet. Ping tambaya ɗaya yake yi wa wata na'ura: kana nan? Fara da rautar gida, `ping 192.168.1.1` in shi ne adireshinta. In ta amsa amma `ping 8.8.8.8`, wato adireshin wata sabar Google, ya yi shiru, galibi matsalar ta wuce gidanka. Sai dai ba zai ce maka a ina ba.

Nan traceroute ya fi shi, `tracert 8.8.8.8` a Windows. Yana jero kowace rauta da saƙo ya ratsa. In layin farko ya amsa, sauran duk taurari ne, wato alamar `*`, har ƙarshe, matsalar tsakaninka da kamfanin da ke ba ka intanet ne. Amma tauraro a layi ɗaya kada ya ruɗe ka, wasu rautocin ba sa amsawa alhali suna wucewa da saƙo lafiya lau. Ni da ping nake farawa, ya fi sauri.