Sharhi kan famfon ram mai inci 1: abin da yake ɗagawa da inda yake gazawa

Famfon ram yana tura ruwa sama da ƙarfin ruwan da ke gangarowa, ba mai ba lantarki, kuma bayan doguwar hulɗa da mai inci 1, wato wanda faɗin bututun shigar ruwansa inci 1 ne, hukuncina shi ne yana cika alkawari, muddin mai saye ya fahimci cewa kaɗan daga ruwan da ya shiga ne zai isa tudu. Sauran yana zubewa a gindin famfon ya koma rafi. Wanda bai san haka ba zai ga ruwa na malala ya ɗauka famfon ya lalace, alhali wannan zubar ita ce ƙarfin da yake aiki da shi.

Sassan da ke motsi guda biyu ne kacal, bawul ɗin zubarwa da bawul ɗin turawa. Ruwa yana fitowa daga wani wuri a rafi da ya fi famfon tudu, ya bi bututun shiga ya gangaro, ya tarar da bawul ɗin zubarwa a buɗe ya riƙa fita. Yana fita yana ƙara gudu, har gudun ya kai inda zai ja bawul ɗin ya rufe shi bam. Ruwan da ke cikin bututu ya riga ya taho da nauyinsa, ba zai tsaya cak ba, sai matsi ya tashi nan take. A bututun ƙarfe, ruwan da ke gudun mita 1 a daƙiƙa idan aka tare shi farat ɗaya yana iya haifar da matsin da ya kai na ruwa mai tsayin fiye da mita 100. Matsin nan ne ke buɗe bawul ɗin turawa, ɗan ruwa ya kutsa cikin tulun iska, wato rufaffen tulu mai iska a ciki da ke bayan bawul ɗin. Da matsin ya faɗi sai bawul ɗin turawa ya rufe, ruwan bututu ya ɗan ja da baya, bawul ɗin zubarwa ya sake faɗawa ya buɗe, a koma farko. Iskar da aka matse a tulu ita ke tura ruwan cikin bututun fita a hankali ba tare da fizga ba. Joseph Montgolfier ne ya ƙera irin wanda ke bugawa da kansa a Faransa a 1796, kuma tsarin bai canja sosai ba har yau.

Kafin a sayi komai a yi awo uku: yawan ruwan da za a iya ba famfon a minti, tsayin faɗowarsa daga mashiga zuwa famfo, da tsayin da ake so a kai shi daga famfo zuwa tanki. Awon farko da bokiti da agogo ake yi. A ce bokiti mai lita 20 ya cika a minti 1, faɗowa mita 2, tanki kuma yana sama da famfo da mita 20. Famfo mai kyau yana amfana da kusan kashi 60 cikin 100 na ƙarfin ruwan, don haka lissafin shi ne 0.6 × 20 × 2 ÷ 20 = 1.2, wato lita 1.2 a minti. A bakin tanki abin da ido zai gani siririn zare ne na ruwa wanda bai kai kaurin fensir ba, har mutum ya raina. Amma famfon ba ya hutawa dare da rana, sai wannan zaren ya tara lita 1,728 a awa 24. Idan aka rage tsayin tanki zuwa mita 10, ruwan zai ninka. Idan faɗowar ce ta ragu zuwa mita 1, zai rabu biyu. Shi ya sa ƙarin rabin mita a faɗowa ya fi sayen famfo mafi girma amfani.

Inda aka fi yin kuskure shi ne bututun shiga, kuma a nan nake ganin masu sayarwa ba sa yi wa mutane bayani yadda ya kamata. Wannan bututu rabin famfon ne. Dole ya zama mai tauri, ƙarfe ya fi, domin tiyo mai laushi yana kumbura ya shanye bugun, famfo ya yi ta bugawa ba ya ɗaga komai. Ya zama miƙaƙƙe, yana gangarowa ba tare da ƙusumbi a tsakiya ba, don a ƙusumbin iska ke maƙalewa. Tsawonsa ya kai kamar ninki 5 zuwa 10 na faɗowar, wato mita 10 zuwa 20 a misalinmu. Bakinsa ya nutse sosai cikin ruwa da rariya a kai. Bututun fita kuwa rabin inci na roba ya wadatar. Shi famfon a ɗaure shi da noti a kan kankare, in ba haka ba kowane bugu yana jijjiga shi har haɗe-haɗen su fara yoyo.

Tayar da shi na buƙatar haƙuri. A rufe bututun fita, a buɗe ruwa, a riƙa danna bawul ɗin zubarwa da yatsa ana saki, wani lokaci sau 20 ko 30, har iska ta fice daga bututun shiga matsi ya taru a tulu. Sai a ji ya kama bugawa da kansa, kusan sau 60 a minti. Daga nan a buɗe bututun fita kaɗan-kaɗan. Idan aka buɗe shi gaba ɗaya yana wayam, matsin zai faɗi famfon ya tsaya da bawul a rufe.

Kunne ne ke gano ciwonsa. Idan bugun ya koma mai tsauri kamar guduma a kan ƙarfe, bututun fita yana zabura, ruwa na fita tsartuwa-tsartuwa, to iskar tulu ta narke cikin ruwa, tulun ya cika. A rufe mashiga a zubar da ruwan tulun nan da nan, domin bugun da babu iskar da za ta tausasa shi yana fasa haɗi. Maganin dindindin shi ne ɗan rami na kamar milimita 1 a ƙasan bawul ɗin turawa, wanda ke shaƙo iska a kowane bugu, ko tiyub ɗin keke da aka ɗan hura aka cusa cikin tulun. Idan bugun ya rikice, yana yi yana tsallakewa, iska ce ta shiga bututun shiga, galibi saboda rafi ya ja baya bakin bututu ya fara leƙowa. Idan bawul ɗin zubarwa ya tsaya a buɗe ruwa na tsiyaya, ko an yi masa nauyi da yawa ko ganye ya toshe rariya. Idan kuma yana bugawa daidai amma tanki shiru, a duba robar bawul ɗin turawa, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana shi rufewa.

Aibinsa da ba ya gyaruwa biyu ne. Ƙararsa ba ta yankewa, saboda haka kada a kafa shi kusa da ɗakin kwana. Sannan ba ya jan ruwa daga rijiya ko tafki mai kwance, kuma faɗowar da ba ta kai mita 1 ba da ƙyar take biyan wahala. Wanda ke da rafi mai gangara ya auna ruwan a lokacin da ya fi ƙaranci a shekara, ya yi lissafinsa da wannan adadin.